Idan Ciwo Ya Tsayar da Ɗalibi: Yadda Ake Neman Izinin Dakatar da Karatu a Jami'a

Idan rashin lafiya mai tsanani ya kama ɗalibin jami'a, abu na farko da iyaye ke yi shi ne su ɗauko ɗansu su kawo shi gida. Za ka ji uba yana cewa, "Karatu ba gudu zai yi ba, ya warke tukuna." Maganarsa tana kan hanya, domin lafiya ce gaba da komai. Matsalar ita ce jami'a ba ta aiki da labarin baka. Ko da abokan ɗaki sun sani, malamai sun ji, har shugaban sashe ya aiko da gaisuwa, matuƙar babu takarda a cikin fayil ɗin ɗalibi, a idon hukumar makaranta wannan ɗalibi ya ƙaurace wa karatu ne kawai. Ranar da ya dawo da lafiyarsa, zai iya tarar da sifili a gaban kowane kwas da ya yi wa rijista, wani lokaci ma ya tarar an cire sunansa gaba ɗaya.

Abin da ke raba ɗalibin da ya tafi jinya da wanda ya gudu daga karatu takardu biyu ne: wasiƙar neman izinin dakatar da karatu, wadda ɗalibai ke kira difamen, da rahoton likita da ke mara mata baya. Rubuta su ba ya cin awa biyu, amma rashinsu yana iya cinye shekarun da aka yi ana wahala.

Abin da tafiya ba izini ke jawowa

Galibin jami'o'in Najeriya suna bin tsarin maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa 100 ya samu A mai maki 5, daga nan a yi ta sauka har zuwa F, wanda ba shi da maki ko ɗaya. Kowane kwas yana da nauyinsa na yunit, kuma matsakaicin makin ɗalibi tun daga shigarsa, wanda ake gani a takardar sakamako da sunan CGPA, shi ke nuna matakin digirin da zai fita da shi.

Mu ƙaddara ɗalibi ne a aji uku na karatun shekara huɗu. A shekaru biyun farko ya yi yunit 72, matsakaicin makinsa 3.50, wato jimillar maki 252 ke nan. Yana kan iyakar digiri mai daraja ta biyu ta sama, wadda ke farawa daga 3.50. A zangon farko na aji uku ya yi rijistar yunit 18. A mako na shida sai tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, ga rama. Aka gwada majinarsa a asibiti aka ce tarin fuka ne, wato tibi. Aka kai shi gida, ba wanda ya rubuta wa makaranta komai.

A jami'ar da ke ƙirga rashin zuwa jarrabawa ba tare da izini ba a matsayin faɗuwa, yunit ɗinsa ya zama 90, makinsa yana nan a 252. Idan aka raba, matsakaicinsa ya faɗo 2.80, ya koma daraja ta biyu ta ƙasa ba tare da ya faɗi tambaya ko ɗaya a ɗakin jarrabawa ba. Kwasa-kwasan nan shida ko bakwai sun zama kariyoba. Kuma da yake a tsarin da aka fi bi tsohon sifilin ba ya fita daga lissafi ko an sake rubuta kwas, to kafin ya koma 3.50 sai ya riƙa samun kusan 4.4 a duk yunit 72 da suka rage masa. Da an ba shi izini, da zangon nan ba a ƙirga shi ba, ya dawo ya tarar da 3.50 ɗinsa yana jiransa.

Akwai kuma wa'adin zama. Ƙa'idar da jami'o'i ke bi a ƙarƙashin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ita ce ɗalibi ba zai wuce tsawon karatunsa da ƙarin rabi ba, don haka mai karatun shekara huɗu yana da shekara shida. Lokacin da aka tafi ba izini yana cin wannan wa'adi, alhali a yawancin jami'o'i lokacin da majalisar jami'a ta amince da shi ba ya shiga ƙirga. Sannan kowace jami'a tana da adadin zangunan da idan ɗalibi ya yi su a jere bai yi rijista ba, za a ɗauka shi ya janye kansa. Adadin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kuma yana rubuce a littafin dokokin ɗalibai da ake rabawa a shekarar farko. Wannan littafi shi ne abin da za a fara buɗewa kafin a ɗora alƙalami a takarda.

Zango ɗaya ko shekara guda

Kafin rubutu, sai an yanke shawarar tsawon lokacin da za a nema, kuma a nan ne mutane da dama ke kuskure. Wasu suna neman "har zuwa lokacin da zan samu sauƙi", jami'a kuwa ba ta bayar da izinin da ba shi da iyaka. Tana ƙirga lokaci ne da zango ko da shekarar karatu.

Zango yakan ɗauki kimanin mako 15 na darasi, kuma galibin jami'o'i suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a bar ɗalibi ya shiga jarrabawa. Ma'ana, duk jinyar da za ta kai mako huɗu ta riga ta taɓa zangon. Ciwon kwana biyar ko goma, kamar zazzaɓin cizon sauro mai ƙarfi, ba ya buƙatar dakatar da karatu. Takardar hutu daga asibitin makaranta ta wadatar, a kai wa kodineta da malaman da aka rasa gwajinsu.

Ɗalibinmu mai tarin fuka yana gaban magani na wata shida: wata biyu na farko da haɗin magunguna huɗu, sauran wata huɗu da magunguna biyu. Ana bayar da maganin kyauta a cibiyoyin tarin fuka na asibitocin gwamnati. Ba kowane mai wannan ciwo ne ke buƙatar barin karatu na tsawon wata shidan ba, domin haɗarin yaɗa cutar yana raguwa ƙwarai bayan an fara shan magani yadda ya kamata, kuma da yawa ƙarfinsu yana dawowa kafin ƙarshen wata biyun farko. Idan likitansa ya ce ya huta wata biyu zuwa uku, zangon farko ya tafi, amma zai iya dawowa a zango na biyu ya ci gaba da karɓar magani a cibiyar da ke kusa da makaranta.

Sai dai akwai abin dubawa. Kwasa-kwasan zangon farko sau ɗaya ake koyar da su a shekara, kuma wasu daga cikin na zango na biyu ba a yarda a yi musu rijista sai an ci na farkon. A sashen da kwasa-kwasai ke sarƙe da juna haka, kamar injiniyanci, dawowa a tsakiyar shekara na iya zama dawowar da ba ta da amfani. A karatun likitanci kuwa, inda ake tafiya aji-aji tare da zagayen asibiti, galibi shekarar ce gaba ɗaya. Shi ya sa ake zama da kodinetan aji tun kafin a rubuta wasiƙar, a ce masa, "Malam, ga abin da likita ya ce. Zango ɗaya zan nema ko shekara?" Likita ya san tsawon jinya, kodineta ya san tsarin kwasa-kwasai, kuma sai an haɗa maganarsu ake samun lokacin da ya dace.

Rahoton likita

Rahoton shi ne ginshiƙin buƙatar, kuma ya bambanta da 'yar takardar hutun kwana uku da ake rubutawa a tsaye. Katin asibiti, takardar sayen magani ko hoton ƙirji ba su isa su tsaya a madadinsa ba, kodayake ana iya haɗa su a matsayin ƙarin shaida. Rahoton da zai karɓu yana kan takarda mai ɗauke da sunan asibiti da adireshinsa, yana da kwanan wata, kuma likitan da ke duba mara lafiyar ne ya rubuta shi.

Abubuwan da hukumar makaranta ke nema a ciki ba su da yawa. Tana son sunan ɗalibi daidai yadda yake a rijistar makaranta, domin bambancin suna tsakanin katin asibiti da katin makaranta yana sa a dawo da takarda. Tana son lambar fayil ɗinsa ta asibiti da ranar da aka fara ganinsa. Tana son a faɗi irin ciwon da irin maganin da ake yi masa a taƙaice. Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda likita zai bayyana cewa ɗalibin ba zai iya halartar darasi da jarrabawa ba daga rana kaza zuwa rana kaza, da ranar da za a sake duba shi. Rahoton da ya tsaya a kan "yana karɓar magani a wurinmu" bai ce komai ba, domin ɗalibai da yawa suna shan magani suna kuma zuwa aji. A ƙasa sai sunan likita, muƙaminsa, sa hannunsa da hatimin asibiti. Idan ya ƙara da lambar rijistarsa ta hukumar kula da likitoci ta ƙasa, tantancewa ta yi sauƙi.

Rahoton asibitin waje ba ya tafiya kai tsaye. A galibin jami'o'i sai daraktan asibitin makaranta ya duba shi ya sa hannu, kuma yana da ikon kiran ɗalibin ya gan shi, ko ya tuntuɓi asibitin da ya rubuta. Rahoton babban asibitin gwamnati ko asibitin koyarwa yakan fi saurin wucewa a kan na ƙaramin asibitin kuɗi. Wanda ciwo ya fara kama shi a makaranta, ya fi masa alheri ya fara zuwa asibitin makarantar, ko da daga baya za a tura shi wani wuri, domin rubutun da aka yi a fayil ɗinsa ranar farko shaida ce da ba wanda zai musa.

Wannan ya shafi mutanenmu musamman. Idan ɗalibi ya samu karaya a hatsarin babur, sau da yawa gidan maɗori ake nufa da shi. Idan kuma damuwa ce ko ruɗewar tunani, sai a ce a kai shi gida a yi masa addu'a da ruƙiyya. Ko wace hanya iyali suka zaɓa, jami'a ba ta karɓar shaidar maɗori ko ta malamin tsibbu. Likita ya fara ganin mara lafiyar, a ɗauki hoton ƙashin ko a yi gwajin da ya kamata, a buɗe fayil. Hakan yana kare lafiyarsa, yana kuma kare karatunsa. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa uzuri ne karɓaɓɓe kamar kowane ciwo, muddin likitan fannin ya rubuta.

Wasu suna ƙin neman izini don kada asirin ciwonsu ya tonu, musamman masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko mace mai larurar da ta shafi ciki da haihuwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, ba a bayyana shi sai da amincewarsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko idan ɓoyewar za ta zama haɗari ga jama'a. Don haka ɗalibi na iya roƙon likita ya rufe cikakken rahoton a ambulan zuwa ga daraktan asibitin makaranta shi kaɗai. Darakta sai ya rubuta wa sashe cewa ya gamsu da uzurin, ba tare da ya ambaci sunan ciwon ba.

Abin da ba a kusanta ko kaɗan shi ne rahoton bogi, ko roƙon likita ya mayar da kwanan wata baya. Ana gane su idan aka nemi fayil a asibitin ba a same shi ba, ko ranakun suka saɓa da rijistar asibiti. Hukuncin gabatar da takardar jabu yana kaiwa ga kora, kuma likitan da ya sa hannu yana jefa lasisinsa cikin haɗari.

Ita kanta wasiƙar

A Najeriya da Turanci ake rubuta ta, tunda shi ne harshen aikin ofis, kuma shafi ɗaya ya wadatar. Ana aika ta ga magatakardan jami'a, ko ga duk wanda littafin dokoki ya ambata, amma ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya. Kowannensu zai rubuta ra'ayinsa a gefe ya sa hannu. Wasiƙar da ta tsallake sashe ta tafi sama kai tsaye, ƙasa za a sake dawo da ita, an yi asarar makonni. Ga abin da ɗalibinmu zai ce idan aka juya maganarsa zuwa Hausa:

*Zuwa ga Magatakardan Jami'a,*
*Ta hannun Shugaban Tsangayar …,*
*Ta hannun Shugaban Sashen …*

*Ranka ya daɗe,*

*NEMAN IZININ DAKATAR DA KARATU NA ZANGO ƊAYA SABODA JINYA*

*Ni ɗalibi ne a aji uku a sashen …, lambar rijistata …. Ina neman izinin dakatar da karatuna na zangon farko na shekarar karatu ta …, saboda rashin lafiya.*

*An fara duba ni a asibitin … ranar …, kuma likita ya ba da shawarar in bar darasi da jarrabawa daga ranar … zuwa ranar …. Na riga na biya kuɗin makaranta na kuma yi rijistar kwasa-kwasan wannan zango. Ina roƙon kada a ƙirga su a sakamakona, kuma kada a sa wannan zango cikin wa'adin karatuna.*

*Ina sa ran dawowa a farkon zango na biyu na wannan shekarar, tare da takardar likita mai nuna na samu lafiyar ci gaba da karatu.*

*Haɗe da wannan akwai rahoton likita wanda daraktan asibitin jami'a ya sa wa hannu, da kwafin rasit na kuɗin makaranta, da takardar rijistar kwasa-kwasai, da katin shaidata. Ana iya samuna ko mahaifina ta lambar waya ….*

*Na gode.*
*Sa hannu, suna da kwanan wata.*

Babu dogon labari a cikinta, kuma hakan da gangan ne. Kwamitin da zai duba ta yana da takardu da yawa a gabansa, kuma amsar tambayoyi kaɗan yake nema: wane ne, wane zango, me ya sa, ina shaida, yaushe zai dawo. Bayanin wahalar da iyali suka sha ko kuɗin da aka kashe ba ya ƙara mata ƙarfi. Jimlar da ke roƙon kada a ƙirga kwasa-kwasan da aka yi wa rijista kuwa kada a bar ta, domin ita ce ke hana sifilin nan da muka lissafa. Ranakun da ke wasiƙar su yi daidai da na rahoton. Idan likita ya ce wata uku, ɗalibi ya nemi shekara, sai ya ƙara jimla ɗaya mai bayyana cewa tsarin kwasa-kwasan sashensa ne ya sa.

Idan mara lafiyar ba ya cikin halin rubutu, uba ko uwa ko wa ko waliyyi na iya rubutawa a madadinsa, ya faɗi dangantakarsu ya sa hannu. Kuma lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. A miƙa ta da zarar likita ya faɗi tsawon jinyar, kafin jarrabawa ta fara. Wasu jami'o'i sun ƙayyade kwanakin da za a kawo rahoto bayan fara ciwo. Buƙatar da ta zo bayan sakamako ya fito tana jawo zargin cewa faɗuwa ake son gogewa, kuma gyara sakamakon da majalisa ta riga ta amince da shi aiki ne mai wuya.

Bayan an miƙa

Miƙa wasiƙa ba shi ne samun izini ba. A tafi da kwafi biyu, sakataren sashe ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, a riƙe shi a gida, a kuma ɗauki hotonsa da waya. Takardu suna ɓata a tsakanin ofisoshi, kuma wannan kwafi shi ne hujjar cewa an nema a kan lokaci. Daga sashe buƙatar za ta je zaman tsangaya, daga nan ta isa majalisar jami'a, wadda ɗalibai ke kira Sanate. Da yake waɗannan zama ba kullum ake yin su ba, amsa na iya ɗaukar makonni. Mara lafiya ba zai zauna jiranta ba, amma a samu ɗan'uwa ko aboki amintacce da zai riƙa leƙawa wurin kodineta har takardar amincewa ta fito a rubuce. "An ce an amince" ba takarda ba ce.

Akwai 'yan abubuwan da ake mantawa. Idan ɗalibi yana karɓar tallafin karatu na jiha ko bashin karatu na gwamnatin tarayya, a sanar da su da kwafin takardar amincewa. A tambayi ofishin kuɗi ko kuɗin da aka biya zai tsallaka zuwa lokacin dawowa, domin jami'o'i sun bambanta a kan wannan. A sallami ɗakin kwana yadda doka ta ce. Wanda kuma shekarunsa suka matso 30 ya san cewa ƙarin shekara na iya sa ya wuce iyakar hidimar ƙasa, a ba shi takardar yafewa a maimakon zuwa sansani.

Idan wa'adi ya kusa cika jiki bai yi ƙwari ba, a rubuta neman ƙari da sabon rahoto tun kafin wa'adin farko ya ƙare, domin daga ranar da ya ƙare ɗalibi ya koma sahun wanda ba ya nan ba izini. Idan kuwa sauƙi ya samu, ana buƙatar takardar likita mai tabbatar da cewa zai iya komawa aji, da gajeriyar wasiƙar sanar da dawowa ta hanyar da ta farko ta bi, kafin a buɗe rijista. Abu na ƙarshe shi ne ya duba sakamakonsa a shafin makaranta da wurin jami'in jarrabawa na sashe, ya tabbatar zangon da ya yi jinya ba a cika shi da sifili ba. Idan an cika, ya kai kwafin takardar amincewa a gyara nan take, kada ya bari sai shekarar fita.

Kirana ga iyaye da 'yan'uwa shi ne, ranar da za ku je ɗauko ɗanku daga makaranta saboda ciwo, ku raba aiki. Wani ya tsaya kan mara lafiya da magani, wani ya tsaya kan takarda: ya ga kodineta, ya karɓi rahoto daga likita, ya kai wa daraktan asibitin makaranta, ya miƙa wasiƙa ya karɓi kwafi mai hatimi. Su kuma shugabannin sassa da kodinetoci, idan ɗalibi ya ɓace daga aji mako biyu, su sa a kira shi ko gidansu a gaya musu wannan hanya, domin iyaye da yawa ba su san da ita ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da su kan karatunsu lafiya.